Yadda Uwa Za Ta Rubuta wa Kotu Takardar Neman Sauya Tsarin Riƙon Yara da Ziyara Bayan Ta Koma Wani Gari

Tambayar nan ta yawaita, kuma kusan da fuska ɗaya take zuwa: aure ya mutu, alƙali ya bar wa uwa riƙon yara, ya yanka wa uba ranakun da zai riƙa ganinsu da abin da zai riƙa bayarwa na ciyarwa. Bayan shekara ɗaya ko biyu sai aiki, ko ciwon mahaifiya, ko wani sabon aure ya ɗauke uwar daga Sakkwato zuwa wani gari. Tsarin da aka yi ana unguwa da unguwa yanzu ba ya yiwuwa, uban yana cewa an gudu masa da 'ya'ya, ita kuma tana son kotu ta gyara tsarin.

Bayanin da ke tafe na auren da aka ɗaura bisa Musulunci ne, wanda maganarsa ke gaban kotun Shari'a. Wadda aka yi wa auren rajista ƙarƙashin dokar aure ta tarayya, Babbar Kotun Jiha za ta nufa, kuma can lauya ne zai shirya mata takardu.

Zan bi misali ɗaya har ƙarshe. Malamar asibiti ce, mu kira ta Wance, tana da yara biyu, namiji ɗan shekara 9 da mace 'yar shekara 5. Hukuncin farko ya ce uban zai ɗauke su kowace Asabar da safe ya dawo da su Lahadi kafin magariba, kuma zai riƙa ba da naira 30,000 duk wata. Sai aka yi mata canjin wurin aiki zuwa Tambuwal, ta tare can da yaran.

1. Karɓo kwafin hukuncin farko

Kafin ki rubuta ko layi ɗaya, je kotun da ta yanke hukuncin ki nemi kwafi mai hatimi a ofishin rajistara. Ana biyan kuɗinsa, a ba ki rasit. Abu uku kike nema a ciki: lambar ƙara, ranar hukunci, da ainihin kalmomin da alƙali ya rubuta a kan ziyara da ciyarwa. Mata da yawa suna riƙe da abin da suka ji an faɗa a zauren kotu ranar da hankalinsu ke tashe, sai sun karanta su tarar da wani sharaɗi da suka manta, kamar cewa ba za a fita da yaran daga gari ba sai da sanin uba.

Hattara: hukuncin nan yana nan da ransa har ranar da kotu ta sauya shi. Komawarki Tambuwal ba ta soke Asabar ɗin uban ba, miƙa takarda ma ba ta soke ta ba. Kafin ranar zama, ki yi iya ƙoƙarinki yaran su riƙa zuwa, ko da sau biyu ne a wata, ki kuma ajiye shaidar cewa kin yi.

2. Auna nisan garin da kika koma

A nan ƙarar take tsayawa ko ta faɗi, saboda haka zan daɗe a kai.

Kotunan Shari'a na Sakkwato suna hukunci da mazhabar Malikiyya, kuma littattafan da za ki ji alƙali yana jawowa su ne Risala, Mukhtasar Khalil da Tuhfatul Hukkam. A wannan mazhaba uwa ce ta fi kowa cancantar riƙon yaro, wato hadana, bayan rabuwa: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Amma uba bai fita daga lamarin ba. Shi ne waliyyi, yana da haƙƙin leƙa yaro, tarbiyyarsa da kula da karatunsa. Don kada nisa ya hana shi wannan ne aka sa iyaka a kan tafiya: idan mai riƙo ta yi ƙaura ta zama, ba tafiyar fatauci ko ziyara ba, zuwa wuri mai nisan baridi shida ko fiye daga inda waliyyi yake, riƙonta yana faɗuwa. Baridi ɗaya mil 12 ne a lissafin malaman fiƙihu, shida ya zama mil 72, kuma masu mayar da shi kilomita suna samun tsakanin 120 zuwa 133 gwargwadon tsawon mil ɗin da suka ɗauka.

Ɗora wannan a kan hanyoyinmu. Boɗinga, Gwadabawa da Wurno ko kusa ba su kai ba. Tambuwal wajen kilomita 100 ce, tana ƙasa da iyakar. Birnin Kebbi ta haura, Gusau ta wuce kilomita 200, balle a yi maganar Kano ko Abuja. Ke nan Wance tana da ƙafar tsayawa, kuma dole ta rubuta nisan da lamba a takardarta.

Sai dai kada ta saki jiki. A cikin Mukhtasar ɗin kansa, dab da inda aka ambaci baridi shida, an kawo wata fahimta ta baridi biyu, abin da bai kai kilomita 50 ba. Shida ne ya shahara, amma uban da ya zo da lauya ko malami mai karatu zai iya jawo ɗayan. Amsar da za a ba shi ita ce a nuna wa alƙali cewa dalilin iyakar bai taɓu ba: uban na iya tashi da safe ya ga yaransa ya kwana a gidansa, labarinsu kuma yana isa gare shi kullum.

Idan garinki ya wuce iyakar fa? Kada ki rubuta takarda kamar ba ki san da wannan hukunci ba, domin alƙali ya sani, uban ma za a gaya masa. Hanyoyinki uku ne. Mafi ƙarfi ita ce yardar uban, domin haƙƙinsa ne aka kare, idan ya amince a gaban kotu magana ta ƙare. Ta biyu ita ce ki nuna tafiyar ba ta zama ba ce, misali kwas na wata tara mai ranar gamawa a rubuce, ɗakinki da kayanki suna nan Sakkwato. A shirye ki kasance a nemi ki rantse a kan niyyarki, don haka kada ki kira ƙaura ziyara. Ta uku ita ce ki roƙi a bar yaran hannun mahaifiyarki ko 'yar'uwarki da ke zaune a Sakkwato, ke kuma a yanka miki ranakun hutu. A jerin masu riƙo na Malikiyya, kaka ta wajen uwa da inna suna gaba da uba, don haka roƙo ne mai tushe.

Hattara idan aure ne ya kai ki garin. Auren wanda ba muharramin yaro ba, da zarar an tare, shi kansa dalili ne na faɗuwar riƙon uwa, ko da a unguwa ɗaya ake. Akwai togaciya, kamar idan wanda riƙon zai koma wa ya san da auren ya yi shiru har shekara, ko jariri ya ƙi karɓar nonon kowa. Kuma kakar da za ta karɓi yaran ana sharaɗin kada ta zauna gida ɗaya da 'yarta da riƙo ya faɗi daga hannunta. Mai irin wannan ƙara ta ga lauya ko malamin da ya san aikin kotu kafin ta sa hannu a komai. Ɓoye auren kuwa ba ya yiwuwa, a garin da aka raba goro aka yi fatiha.

3. Sanar da uban, a gwada sulhu

Idan ba ki gaya masa ba kafin ki tashi, yi yanzu, ta bakin waliyyinki ko kawunki, sannan a bi da saƙon waya a rubuce mai ɗauke da sunan unguwar da kike da makarantar yaran. Saƙon ya zama gajere kuma mai ladabi, domin wata rana za a karanta shi a gaban alƙali.

Alƙalanmu kan fara da tambayar ko manya sun zauna. Idan baffan yaran da kawunki suka zauna aka daidaita, a rubuta abin da aka yarda, shaidu su sa hannu, a kai kotu ta tabbatar da shi a matsayin hukunci. Sulhun da ya tsaya a zaure bai goge hukuncin farko ba. Ranar da aka saɓa, uban zai fito da tsohuwar takardarsa, ke kuma ba ki da komai sai “ai mun yi magana”.

4. Tsara sabon jadawali kafin ki fara rubutu

Kuskuren da na fi gani shi ne uwa ta cika shafi biyu da koke, ta rufe da “ina roƙon kotu ta duba lamarin”. Alƙali ba zai zauna ya ƙirƙiro miki jadawali ba. Ki zo da naki, wanda zai iya kwafewa cikin hukunci kai tsaye.

Ga yadda Wance ta yi nata lissafin. A tsohon tsari yaran suna kwana ɗaya a gidan ubansu kowane mako, kwana 52 ke nan a shekara. Zirga-zirgar kilomita 200, zuwa da dawowa, duk mako da yarinya 'yar shekara 5 ba abu ne mai ɗorewa ba, ga Islamiyyarsu ta Asabar da Lahadi. Sai ta mayar da shi haka: a watannin karatu, sau ɗaya a wata daga Juma'a zuwa Lahadi, kwana biyu sau tara, 18. A gajerun hutu biyu, mako ɗaya-ɗaya, 14. A dogon hutu mako uku, 21. Jimla 53. Uban bai rasa ko kwana ɗaya ba, an tattara masa su ne kawai. Wannan lissafin ya fi kowane irin roƙo tasiri, domin yana kashe zargin cewa ana son raba shi da 'ya'yansa.

Sauran abubuwan da jadawali ke buƙata su ne waɗanda ake faɗa a kansu daga baya. Wa zai kawo yaran, wa zai mayar? Wa zai biya kuɗin mota? A ra'ayina, tunda ke kika tashi, ki ɗauki akalla rabin kuɗin da bakinki, kafin a ɗora miki. Ina za a miƙa su? Gidan kaka ko na kawu ya fi tasha, kuma ya hana tsofaffin ma'aurata haɗuwa a ƙofar gida. Ƙarfe nawa? A sa lokacin da mota za ta isa da rana, domin alƙali zai tambayi lafiyar hanya, musamman idan garin yana ɓangaren da ake fama da 'yan bindiga. Sai Sallah: a raba ta a rubuce, ƙarama nan babba can, shekara mai zuwa a juya. Idan aka bar ta a buɗe, duk shekara sai an yi rigima ranar jajibere.

5. Haɗa takardu da shaidu

Kwafin hukunci, takardar canjin wurin aiki ko duk abin da ke nuna dalilin tashi, takardun haihuwar yaran, takardar shigarsu sabuwar makaranta da ta Islamiyya, rasit ɗin haya ko bayanin gidan da kuke zaune, da saƙonnin da kika tura wa uban a buga su a takarda. Kowanne ki yi kwafi uku, na asali ya zauna a hannunki, ki zo da shi ranar zama.

Takarda ba ta maye gurbin mutum a kotun Shari'a. Ki tanadi maza biyu adilai da suka san gidan da idonsu, irin su mai gidan hayar, limamin unguwa ko shugaban makarantar. Mahaifinki zai iya raka ki, amma shaidar uba ga 'yarsa ana iya ture ta, don haka kada ki jingina da shi kaɗai.

6. Rubuta takardar

Da Hausa za ki iya rubutawa, da ita ake zaman kotun. Kada ta wuce shafi biyu. A jera sakin layi da lamba, kowanne magana ɗaya, domin alƙali da uban su iya cewa “lamba ta huɗu” ba tare da lalube ba. Ga tata:

Zuwa ga Mai Girma Alƙali,
Kotun Shari'a ta (sunan kotun), Sakkwato,
Ta hannun Rajistara.

Lambar ƙara: (kamar yadda take a hukunci)
Tsakanin Wance 'yar Wane, mai roƙo, da Wane ɗan Wane, wanda ake ƙara.

Roƙon sauya tsarin ziyara da tabbatar da riƙon yara

Allah shi gafarta Malam,

1. Ni ce mahaifiyar (sunan yaro), ɗan shekara 9, da (sunan yarinya), 'yar shekara 5. A ranar (kwanan wata) wannan kotu ta ba ni riƙonsu, ta ba mahaifinsu damar ɗaukarsu kowace Asabar da safe zuwa Lahadi kafin magariba, tare da ciyarwa naira 30,000 duk wata. Kwafin hukuncin yana haɗe.

2. A ranar (kwanan wata) ma'aikatar da nake aiki ta mayar da ni Tambuwal. Ban nemi canjin ba, kuma takardarsa tana haɗe. Na tare can da yaran a ranar (kwanan wata). Ban yi wani aure ba.

3. Na sanar da mahaifinsu ta bakin kawuna, da kuma saƙon waya na ranar (kwanan wata).

4. Tsakanin Sakkwato da Tambuwal kimanin kilomita 100 ne a kan babbar hanya, ana zuwa a dawo a yini ɗaya.

5. Muna zaune a unguwar (suna), gida ɗaya da gwaggona, wadda ke tare da yaran idan ina wurin aiki. Suna karatu a makarantar (suna) da Islamiyyar (suna).

6. Tun da muka koma na kawo su wurin mahaifinsu a ranakun (a jera su). Tafiyar kowane mako tana gajiyar da ƙaramar, kuma tana sa su rasa Islamiyya.

7. Saboda haka ina roƙon kotu ta tabbatar da riƙon yaran a hannuna a Tambuwal, ta kuma sauya ziyara zuwa haka: a lokacin karatu, Juma'ar farko ta kowane wata zuwa Lahadi, mako ɗaya a kowane gajeren hutu, mako uku a dogon hutu, Ƙaramar Sallah a wurinsa, Babbar Sallah a wurina, a riƙa juyawa duk shekara.

8. Zan kawo su gidan mahaifiyata da ke (unguwa) a Sakkwato kafin ƙarfe biyar na yamma da kuɗina. Shi kuma ya mayar da su can kafin ƙarfe biyu na rana ranar komawa, ya biya kuɗin motar komawarsu.

9. Yana da damar zuwa ganinsu a Tambuwal duk ranar da ya so idan ya sanar kwana ɗaya kafin nan, da yin waya da su kowace Laraba da Asabar bayan magariba. Zan riƙa tura masa sakamakon jarrabawarsu, in kuma sanar da shi nan take idan ɗayansu ya kwanta ciwo.

10. Idan kotu ta ga ba za ta bar su a Tambuwal ba, ina roƙon riƙonsu ya koma hannun mahaifiyata da ke Sakkwato, ni kuma a ba ni ranakun da aka ambata a lamba ta 7. Wannan ba sarayar da haƙƙina ba ne.

Ina da shaidu biyu da zan gabatar. Ana samun wanda ake ƙara a (unguwa, layi, kusa da wane wuri).

Sa hannu, cikakken suna, lambar waya, kwanan wata.

Dubi abin da babu a ciki. Babu labarin yadda auren ya mutu, babu kishiya, babu uwar miji, babu “bai taɓa damuwa da su ba”. An riga an yi waccan shari'ar. Duk zargin da kika rubuta, ke za a ce ki kawo hujjarsa, wanda kika kasa tabbatarwa kuma zai rage nauyin sauran maganarki. Idan akwai cutarwa ta gaskiya ga yaran, a rubuta ta a sakin layi na daban, da rana da wuri da wanda ya gani, da takardar asibiti idan akwai.

Hattara da lamba ta 10. Kada ki taɓa rubuta “na bar masa yaran” ko “na haƙura da riƙo” saboda fushi ko gajiya. A Malikiyya, wadda ta sarayar da riƙo da kanta ba tare da uzuri ba, ba ya dawo mata idan ta sake tunani, saɓanin wadda wani uzuri kamar ciwo ya hana ta sannan ya gushe. Shi ya sa aka rufe sakin layin da cewa ba sarayarwa ba ce.

Sai maganar kuɗi. Ciyarwa, tufafi da magani suna kan uba ko ina yaran suke, ƙaura ba ta ɗauke masa ba. Amma ina ba da shawarar kada a cusa neman ƙarin ciyarwa cikin wannan takarda sai in ya zama dole. Uban da aka ce wa an tafi da yaransa, kuma ya ƙaro kuɗi, a takarda ɗaya, da wuya ya zauna sulhu. Idan akwai bashin watanni, a faɗi adadinsa a layi ɗaya, a bar neman ƙari zuwa wata ƙarar.

Idan wani ne ya buga miki a shagon kwamfuta, sa a karanta miki daga farko har ƙarshe kafin ki sa hannu ko ki dangwala. Masu bugawa kan ɗauko tsohuwar takardar wata su canza suna, sai ki tarar da roƙon da ba naki ba.

7. Shigar da ita a kotun da ta dace

Ki koma kotun da ta yi hukuncin farko, a Sakkwato, inda uban yake. Buɗe sabuwar ƙara a garin da kika koma ba tare da ambaton tsohon hukunci ba yana haifar da hukunci biyu masu karo da juna, kuma da zarar uban ya nuna nasa, ke za a kalla a matsayin mai ɓoye gaskiya.

Takardar ofishin rajistara za ta, ba hannun alƙali ba. Kada a kai ta gidansa, kada a bi ta hannun wani da ya ce ya san shi. Wasiƙar da ba ta bi ta rajista ba, ba ƙara ba ce, kuma alƙali ba zai yi hukunci a bayan idon uban ba. Rajistara zai gaya miki ko za a ɗora ta a kan tsohuwar lamba ko a buɗe sabon fayil, tunda sabon al'amari ne ya taso bayan hukunci.

Kuɗin da za ki kashe: na shigar da ƙara, na kai sammaci, na kwafin hukunci, na bugawa da kwafi, sai kuɗin motarki da na shaidu daga Tambuwal a kowane zama, wanda sau da yawa shi ne mafi nauyi. Tambayi adadin na kotu a ofishin rajistara, ki karɓi rasit a kan kowanne. A buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinki, ki rubuta ranar zama a bayansa. Wadda ba ta da halin lauya ta nemi ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA.

Abin da ya fi jawo ɗage zama shi ne sammaci bai isa ba. “Yana Mabera” ba adireshi ba ne. Ki faɗi layi, masallacin da ke kusa, rumfarsa a kasuwa ko ofishinsa, da lokacin da ake samunsa. Kwana biyu kafin zama, a leƙa a tabbatar an ba shi.

8. Ranar zama

Ki kwana a Sakkwato idan zai yiwu, ki zo da takardun asali da shaidunki. Kada ki kwaso yaran sai kotu ta nema, kuma kada ki koya musu abin faɗa, alƙali yana gane yaron da aka yi wa hadda.

Za a ce ki faɗi da'awarki da baki. Ki bi jerin takardar, kada ki ƙara sabon abu. Tambayoyin da za su zo sanannu ne: zama kika je yi ko za ki dawo, kin yi aure, wa ke tare da yaran idan kina aikin dare, nawa ne nisan, kin sanar da shi. Ga malamar asibiti, tambayar aikin dare ce mai kaifi, kuma amsarta ita ce gwaggon nan ta lamba ta 5, shi ya sa yana da kyau ita ma ta zo. Idan uban yana magana ki yi shiru har ya gama, sannan ki ce, “Allah shi gafarta Malam, ina da amsa.” Zai iya shigar da tasa buƙatar ta a ba shi yaran gaba ɗaya, kada hakan ya firgita ki, a nan ne lissafin nisa da na kwana 53 za su yi aiki.

Kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, wato ya tambayi kowane ɓangare ko yana da sauran hujja. Wannan ce damarki ta ƙarshe. Idan akwai shaidan da bai samu zuwa ba ko takardar da ba a karɓa ba, ki faɗa a lokacin ki nemi a ɗaga. Idan kika ce babu, an rufe.

9. Bayan hukunci

Karɓi kwafin sabon hukuncin mai hatimi, ki karanta shi tun kina harabar kotu. Duba ko an rubuta ranaku, ƙarfe nawa, wurin miƙawa da mai biyan mota. Idan an tsallake wani, ki nuna wa rajistara a ranar. Ba wa mahaifiyarki kwafi ɗaya tunda a gidanta ake miƙa yaran, ki kuma sayi ƙaramin littafi da za a riƙa rubuta ranar kawowa da ranar mayarwa, wanda ya karɓa ya sa hannu.

Idan hukuncin bai yi miki ba, akwai ɗaukaka ƙara: daga ƙaramar kotun Shari'a zuwa babba, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha, wadda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba hurumi a kan al'amuran iyali na Musulunci. Wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne kuma daga ranar hukunci yake fara ƙirguwa, saboda haka ki tambayi rajistara ranar ƙarshe kafin ki bar kotun, ki biya kuɗin kwafin bayanan zama a makon. Kafin kotun sama ta ce wani abu, ki bi hukuncin da aka yanke, ko da kuwa ya ce a dawo da yaran Sakkwato.